Ga mai cewa manomi ba ya biyan haraji

Tunda wani ya sake buɗe baki a taron jiya yana cewa wanda ba a yanka wa albashi ba shi da ta cewa a kan hanya da asibiti, bari in ba shi labarin wa da ƙane na gidanmu, ko da yake ya san su sarai.

Wan akawu ne a cikin garin Kaduna. A dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su, naira miliyan 2.2 da suka biyo baya kuma ana cire musu kashi 15 cikin ɗari. Shi abin da ake lissafa masa bayan an cire fansho naira 1,200,000 ne, saboda haka harajinsa 60,000 a shekara, wato 5,000 kowane wata, kuma ana zare shi tun kafin albashin ya iso hannunsa. Yana biya, babu mai musu, kuma yana da takarda.

Ƙanen yana noman masara a yankin Saminaka. Ranar da suka zauna lissafi, ya ce, "Yaya, kai sau ɗaya ake yankarka a wata, ni kuwa tun daga bakin gona ake fara yankata." Idan ya kai buhu kasuwa akwai kuɗin shiga, akwai na lodi, sannan motar da za ta ɗauki masarar sai ta tsaya a shinge bayan shinge. Falke ba ya biyan wannan daga aljihunsa. Yakan lissafa shi tukuna, ya rage daga farashin da zai taya buhun, don haka manomi ne ya biya alhali sunansa bai hau rasit ko ɗaya ba. In ya sayi kwanon rufi ko katin waya, harajin kaya na kashi 7.5 bai tambaye shi sana'arsa ba. Wan ya yi shiru, ya ce bai taɓa lissafa ta nan ba, domin shi mutum ne mai adalci.

Rashin rasit ba rashin biya ba ne. Mai surutun yana ganin tun da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979 aka daina karɓa daga ƙauye, alhali karɓar ce ta koma bakin kasuwa da kan titi.

Kuma wallahi abin ya ƙona mini rai, domin mai maganar nan ba akawu ba ne, ba manomi ba ne, shi ne ke tsakiya yana tara buhunan mutane a rumbu sai farashi ya tashi. Na ce rashin rasit ba rashin biya ba ne, amma ban faɗa don shi ba. Waɗannan biyun sun kawo lissafinsu a gaban dangi; shi ma ya fito da takardar shaidar biyan harajinsa ta shekara uku mu gani.