A daina ce min "ai labari ne kawai" a kan auren Spider-Man

Wallahi na gaji da jin maganar nan. Jiya ma wani ya sake jefo ta a muhawarar One More Day, labarin komik ɗin Marvel da ya goge auren Spider-Man, wai mutane su manta, abu tun 2007. Ba za a manta ba, don har yau ba a gyara ɓarnar ba.

Ku duba abin da aka yi. Peter Parker, wato Spider-Man, ya auri Mary Jane a 1987. Shekara ashirin masu karatu suna tare da su a gidan nan, ana kukan kuɗin haya, ita tana zaune cikin dare ba ta san ko zai dawo da rai ba. A 2006, cikin labarin Civil War, Peter ya cire abin rufe fuskarsa a gaban 'yan jarida. Shi ya zaɓa. Kingpin, uban 'yan daba, ya aiko maharbi, harsashi ya samu Anti May, tsohuwar da ta raine shi. To a nan ne labari ya kai inda ake jiran a ga namiji ya ɗauki nauyin abin da hannunsa ya jawo. Sai kawai aka kawo Mephisto, shaiɗanin duniyar Marvel, ya ce zai ceci tsohuwa in sun ba shi aurensu. Suka yarda. Ya ma nuna musu wata 'yar yarinya mai jan gashi, ya ce ga 'yar da za su haifa, yanzu ba za ta taɓa zuwa duniya ba. Aka wayi gari babu aure, duniya ta manta wane ne Spider-Man, Peter na kwana a gidan Anti May kamar ɗan makaranta.

Wannan mutumin, tun 1962, an gina shi a kan abu ɗaya: ya bar ɓarawo ya wuce, ɓarawon ya kashe Kawu Ben, shi kuma ya rayu da wannan nauyi bai sauke ba. Shi ne aka sa ya yi ciniki da shaiɗan don ya tsere wa sakamakon zaɓinsa. Auren kaɗai aka ce an goge, amma halin mutumin aka taɓa. Zafin da mutane ke ji ke nan.

Masu cewa ai komik ya saba sauya tarihin jarumansa, na ji. Ina da Winter Soldier a hannu. Tun 1964 aka ce Bucky, abokin Captain America, ya mutu a fashewar jirgi a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. A 2005 Ed Brubaker ya dawo da shi, ya ce Sobiyet ce ta tsamo shi daga ruwa babu hannu ɗaya, ta wanke masa ƙwaƙwalwa, ta mai da shi makashi mai suna Winter Soldier. Koma ka karanta tsofaffin fitowar, inda Captain America ke makokin abokinsa. Hawayensa suna nan da gaskiyarsu, har sun ƙara ciwo, don yanzu ka san yaron na raye a hannun maƙiya. Haka ake gane gyara mai kyau: ka koma baya ka tarar abin da ka karanta ya ƙara nauyi. One More Day kuwa cewa ya yi abin da ka saya da kuɗinka, ka ajiye a kwali, bai faru yadda ka gani ba.

Dalilin Joe Quesada, babban editan Marvel a lokacin, sananne ne: aure ya tsufar da Peter, saki ko mutuwar mata kuma zai ƙara tsufar da shi. Wato matsalar ofis ce aka ɗora wa jarumi. Kuma da suka zo yin bayani a 2010, a labarin One Moment in Time, sai suka ce wani ƙaton ɗan fashi ne ya faɗo masa, ya suma, ya rasa ɗaurin aurensa. Shekara ashirin fa! A 2024 Jonathan Hickman ya fito da Peter mai mata da 'ya'ya biyu a Ultimate Spider-Man, mutane suka yi rububin saye. Ina tsufan?

Abin da ma ya fi ci min rai shi ne Harry Osborn, aminin Peter. Mutuwarsa a 1993, bayan ya ceto Peter daga ginin da shi da kansa ya dasa wa bam, tana cikin mafi kyawun shafukan da Sal Buscema ya zana, shafukan ƙarshe ko kalma babu. Bayan cinikin Mephisto sai ga shi a wurin liyafa, wai daga Turai yake. A 2021 kuma suka ce wanda ya dawo ɗin kwafinsa ne aka ƙera, na ainihi yana kabari tun farko. Shekara goma sha uku ana sayar mana da wani mutum daban da sunan Harry.