Idan an yi maka sallama kawai, ka amsa ta

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana tare da wayar hannu, kuma ina ganin ya kamata mu tsaya mu dube ta tun ba ta zama jiki ba. Mutum zai turo maka saƙo ya ce "Assalamu alaikum", ko "Barka da yamma", bai ƙara komai ba, sai ka karanta ka ajiye wayar kana jiran ya faɗi abin da ya kawo shi, ko kuma ka mayar masa da alamar tambaya ita kaɗai. A ganinka saƙon bai cika ba, domin babu buƙata a cikinsa. Alhali kuwa saƙon ya cika, domin mai sallama ya yi nasa, saura naka.

Allah Maɗaukaki ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 86, cewa idan aka gaishe mu da wata gaisuwa mu amsa da wadda ta fi ta kyau ko mu mayar da irinta, kuma ayar ba ta ce sai mai gaisuwar ya bayyana buƙatarsa ba. Malamai sun ce fara sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi ne, kuma Imamu Nawawi ya kawo cewa ko a rubuce sallama ta iso wa mutum, amsa ta na kansa. Ku duba kuma yadda Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya karɓi baƙinsa a Suratuz Zariyat. A aya ta 25 sun yi masa sallama ya amsa, duk da cewa bai san su ba, sa'an nan ya tafi wajen iyalinsa ya kawo musu abin da za su ci, kuma sai a aya ta 31 ya tambaye su abin da ke tafe da su. Tambayar ta zo, amma a bayan amsa da karramawa.

Wanda ya tsaya a kan sallama yana da dalilinsa, ko da bai faɗa ba. Wani yana so ya tabbatar lambar taka ce, kuma wayar tana hannunka ba a hannun ƙaninka ko matarka ba, kafin ya rubuta maganar da ba ya so kowa ya gani. Wani kuma nauyin baki ne ya kama shi, domin rance zai nema ko gafara zai roƙa, kuma daga yadda ka amsa zai gane ko akwai fuska. Akwai mai ɗauke da labarin rasuwa ko rashin lafiya, wanda ba zai jefa maka shi ba sai ya san halin da kake ciki. Akwai kuma wanda babu abin da yake nema ko kaɗan, tuna ka ya yi, kuma shi ne ya fi jin zafi idan ka tambaye shi me yake so, domin ka nuna masa cewa a wurinka ba a neman mutum sai da dalili.

Mu ɗauki misalin saurayin da kawunsa ya turo wa "Salamu alaikum" da safe yana tsakiyar aiki. Idan ya yi shiru, kawun zai ga alamar cewa an karanta saƙon, kuma abin da zai fahimta shi ne an gan shi an ƙyale shi. Idan ya rubuta "Ina jin ka", ya mayar da babba kamar mai jiran layi a bakin ofis. Abin da ya dace ba zai ci masa minti guda ba. Zai fara da cika amsa, ya ce "Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Kawu, ina kwana?", ya tambayi iyali, sa'an nan ya bayyana halinsa da gaskiya: "Ina wurin aiki yanzu, amma da na tashi zan kira ka in sha Allahu, sai dai idan abu ne na gaggawa in fito in kira yanzu." Da wannan ya sauke haƙƙin sallama, ya sanar da kawun lokacin da zai samu, kuma ya bar masa hanyar magana ba tare da ya matsa masa ba. Idan kawun ya ce "Babu komai, ɗana, gaisuwa ce", to, sai saurayin ya yi godiya ya yarda da hakan, kada ya shiga tono. Idan kuwa ya ce "To, ka kira ni idan ka tashi", wannan alama ce cewa akwai magana mai nauyi wadda ba ta rubutu ba ce, kuma alkawarin kiran ya zama bashi a kansa.

Na san ƙorafin da za ku yi, cewa saƙonni sun yi yawa kuma wasu suna ɓata lokaci da dogon gaishe-gaishe. Gaskiya ne, amma maganinsa yana cikin amsar kanta. Bayan gaisuwa ta kai ta komo sau ɗaya ko biyu, babu laifi ka ce "Ina fatan dai lafiya?", domin a wannan matsayi tambayar kulawa ce, ba kora ba. Jimlar da za ta zama cin fuska idan aka fara da ita, ita ce za ta zama ladabi idan ta biyo bayan amsa.

Lambar da ba ka sani ba tana da nata hukuncin, domin 'yan damfara ma da sallama suke buɗewa. A nan ma amsawa ba ta cutar da kai, sai dai ka haɗa da "Don Allah da wa nake magana?", sa'an nan ka lura da abin da zai biyo baya. Mutumin kirki zai faɗi sunansa da inda ya samu lambarka. Wanda ya ce "Ba ka gane ni ba?" yana jiran ka ambaci wani suna ya maƙale masa, ko ya ce ɗan'uwanka ne ya canza layi kuma yana cikin matsala a tura kuɗi yanzu, ko ya nemi ka karanto masa lambobi shida da WhatsApp ya turo maka, wannan ka rufe maganar, ka kira ainihin mutumin a tsohuwar lambarsa. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi ya nuna mana cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai so amsar "Ni ne" ba daga wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa aka tambaye shi ko wane ne, saboda haka neman suna haƙƙinka ne.

Kai kuma mai tura sallamar, akwai naka. Idan maganarka ta gaggawa ce, ko ta aiki ce ga wanda saƙonni suka yi wa yawa, ka haɗa sallama da sunanka da buƙatarka a saƙo guda, domin ya san matsayin da zai ba ta. Idan ka yi sallama ba a amsa ba, kada ka yi saurin cewa an raina ka, domin ba ka san abin da ya riƙe mutumin ba. A hadisin Abu Musa Al'ash'ari an koyar da cewa neman izini sau uku ne, idan ba a ba mutum ba sai ya koma. Ka sake gwadawa bayan wani lokaci, a karo na biyu ka ambaci sunanka da abin da ke tafe da kai, idan har yanzu shiru ne ka bari sai kun haɗu ko ka kira.