Dakta ya karanta saƙona a gaban jama'a

Babi na uku ne ya maƙale min. Furojet ɗina a kan 'yan kayan gwari na kasuwar Farin Gada ne, kuma kun san Dakta, ba ka isa ka raba takardar tambayoyi ko ɗaya ba sai ya gani ya sa hannu. Da jan biro ma yake sa hannun. Na je ofis, a kulle. Na koma, a kulle. Sai abokin ɗakina ya ce in tura masa saƙo ta WhatsApp kawai, ai shi ya san yadda ake lallaɓa manya. Mutumin da shi kansa nasa safabaizan bai san fuskarsa ba. Shi ya riƙa faɗa ina rubutawa, wajen sha ɗaya da rabi na dare, muna ƙudundune cikin bargo saboda sanyin Jos na Janairu ba ya jin magiya.

Da safe alamar nan ta koma shuɗiya. Ya gani ke nan. Shiru. Aka kwana biyu, sai ga amsa, kalma ɗaya: "Waye?" Kafin in gama tsara bayani, sai ga sanarwa a guruf ɗinmu cewa duk wanda Dakta ke duba aikinsa ya zo ofis ran Talata da goma.

Muka cika ofis, wasu a tsaye, ga masu digiri na biyu sun kame kujeru saboda su manya ne. Dakta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ɗauki waya. Ya ce kafin a fara, akwai wata wasiƙa da yake so mu ji.

"Waye Oga Ba Wasa a cikinku?"

Jama'a, sunan da ke kan WhatsApp ɗina ke nan tun ina aji ɗaya. Ba shi da lambata, don haka abin da ya fito masa ke nan, da hotona na sallah, na karkata hula ina nuna sama da yatsa. Na yi kamar da wani ake. Ya juyo da wayar ya nuna hoton, ya bi da ita a hankali daga wannan bango zuwa wancan, har da mai sharar da ta leƙo. Na ɗaga hannu iya kafaɗa.

Ya fara karantawa, da irin muryar mai sanarwar ɗaurin aure. "Assalamu alaikum ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Dakta, Allah ya kai mu ranar da za a ce Farfesa." Ya tsaya ya ce amin. "Ya iyali, ya sanyi, ya ƙoƙari da mu, ya Hajiya da yara." Ya ɗago ya ce, "Ka san Hajiya ne?" Na ce a'a, Malam. "To tana lafiya." Ya ci gaba, yana jan allon da babban yatsa, gaisuwa ba ta ƙare ba. Sai can ƙasa ya iso inda maganar take: "Dama ina so in gan ka ne, yaushe kake da lokaci?" Ya ajiye wayar. Ya ce shi dai a iya saninsa mai neman bashi ne yake irin wannan doguwar gaisuwa ba ya faɗin sunansa, har ya fara lissafin abin da ya rage a albashi.

Aka fashe da dariya. To dariyar kowa na yafe, ban da ta mutum ɗaya. Kun san shi, mai jar hular nan da ke riƙe wa Dakta jaka daga mota zuwa ofis ba wanda ya sa shi. Har da dukan cinya, har da "Kai Oga, ba wasa!" Wannan bawan Allah ni na koya masa yadda ake jera manazarta a tsarin APA, da hannuna na gyara masa shafi guda, don shi a tunaninsa ana jera su ne bisa wanda ka fara karantawa. Naira ɗari biyar ɗina ta fotokwafi tana wurinsa tun zangon farko. A Terminus na gan shi kwanan baya yana cin tsire, ya kau da kai. Kuma babinsa na biyu, wallahi in ka karanta sakin layi na farko ka san ba bakinsa ba ne, amma ba ni zan faɗa ba.

Dakta dai bai gama da ni ba. Ya ce in ɗauki waya in sake rubutawa yanzu, a tsaye, kowa na ji. Sallama layi ɗaya. Sai cikakken suna da lambar matirik, don ɗaliban da yake dubawa suna da yawa, ga 'yan aji huɗu ga na gaba da digiri, ba zai haddace mu ba. Sai taken aikin a taƙaice. Sai inda aka kwana: wane babi, kuma gyaran da ya ba ni a baya na yi ko ban yi ba. Sai ainihin abin da nake so ya duba. Ya ce "ina so in gan ka" ba buƙata ba ce, ga shi nan ai, na gan shi, sai me? Sannan in kawo lokaci biyu da na san ba shi da aji, ya zaɓi ɗaya, ba in tambaye shi yaushe yake da lokaci ba, don amsar wannan ita ce ba shi da shi. Kuma in riga in ajiye bugaggen kwafi wurin sakatariya, mai tazara biyu tsakanin layuka don biro ya sami wurin shiga, in faɗa a saƙon cewa yana can. Ba saƙon murya, ba filashin, ba tsakar dare.

Na rubuta hannu na rawa, na karanta: "Salam Malam. Wane ne, lamba kaza, mai aiki kan 'yan gwarin Farin Gada. Na yi gyaran babi na biyu. Babi na uku da takardar tambayoyi suna wurin sakatariya. Ina so a duba min yawan mutanen da zan tambaya kafin in fita kasuwa. Ko Laraba da sha biyu ko Alhamis da goma zai yiwu? Na gode."

Ya ce yauwa, tura. Na tura. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Ya ɗauka ya karanta da gaske kamar daga Abuja ta zo, ya ce tunda ga ni, mutum nawa ne? Na ce 300. Ta yaya? Nan na ɗan samu ƙarfi, don wannan na sani: lissafin Taro Yamane, `n = N / (1 + N(e)²)`, 'yan kasuwa 1,200, kuskuren da aka yarda da shi 0.05, ƙasa ya ba da 4, a raba 1,200 gida huɗu, 300. Ya gyaɗa kai. Har na fara jin mutuncina na dawowa. Sai ya ce, "1,200 ɗin fa, wa ya ƙirga su?"

Wani mai tumatir ne ya ce min za su kai haka. Na faɗa. Mai jar hula ya sake dukan cinya.

Dakta ya ce lissafin ba ya aiki sai an san adadin da tushe, in je wurin shugabannin kasuwa in nemi rajistarsu, in ba su da ita mu canza hanya gaba ɗaya. Ya sa min Alhamis da goma, ya rubuta a kalandar bango: Oga.

Alhamis na biya keke na zo tun tara da rabi. Sakatariya ta ce an kira shi mitin, in tura masa saƙo. Ita ma yanzu Oga take ce min. Abokin ɗakina kuwa har yau cewa yake gaisuwar ba ta da laifi, hoton ne ya ɓata lamarin. Kuɗin fotokwafina dai har yanzu shiru.