Jika 45 sun ɓace a wayata, aka ce min wai sharaɗi ne

Ranar Asabar da dare kuran ya dawo a Birni, na sa waya caji, na buɗe manhajar da nake sauraren littattafai da ita. A wurin da ya kamata in ga kiredi 7, sifiri na gani. Kiredi 7 da na biya da gumina, wata bayan wata, babu ko ɗaya.

Ga yadda cinikin yake ga wanda bai taɓa shiga ba. Kowane wata kamfanin yana cire Yuro 9,95 daga katinka, ya ba ka kiredi guda, kai kuma ka musanya shi da littafin sauraro guda, komai tsawonsa. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kenan jika 6 da rabi a wata, ban da abin da banki ke yanka. Ka lissafa sau bakwai, ya haura jika 45. Malamin makaranta ne ni. Duk wanda ke jiran albashi a Damagaram ya san nauyin wannan kuɗi a gida.

Na tara su ne da dalili. Littattafan tarihin da nake nema, da yawa in na taɓa su sai a rubuto min cewa ba a sayar da su a ƙasata. Waɗanda ake sayarwa kuma, littafi mai awa 10 yana cin mega wajen 300 ko fiye, ga rezo yana zuwa yana komawa, ga forfe yana ƙarewa kafin saukarwa ta kai rabi. Sai na ce bari in ajiye har hutun makaranta. Abin da mutum ya biya ai nasa ne.

Na shiga wurin hira da ma'aikatansu, da Faransanci. Wata mata ta amsa. Na yi gaisuwa yadda aka koya mana, na ba ta bayani dalla-dalla, na roƙi ta duba min.

Ta bar ni ina kallon waya, forfe yana tafiya, sannan ta rubuto: "Mushe, biyu daga ciki sun cika wata 12, sun mutu. Sauran biyar sun tafi ne lokacin da aka rufe abonmanka."

Na ce ban rufe komai ba.

"Katinka ya ƙi biya. In biya bai shiga ba, abonma yana rufewa."

Na yi mata bayani cikin natsuwa. Kati ne irin wanda ake zuba wa kuɗi, albashi ya yi jinkiri, da ya shigo kuma na tarar da layi a banki har waje, injin ba rezo. Na ce ba kyauta nake roƙo ba. Biyar ɗin nan an riga an cire kuɗinsu tun watannin baya. Wanda bai shiga ba na wannan watan ne kaɗai, to ku hana ni na wannan watan, ku bar min abin da na saya.

Ga amsarta, ban ƙara ba ban rage ba a ma'ana: "Matsalar bankin ƙasarku ba tamu ba ce. Kun amince da sharuɗɗa ranar da kuka yi rajista. Tunda kuna son littattafai, da kun fara karanta su."

Jama'a, ni ake gaya wa in koyi karatu? Ni da nake tsaye gaban ɗalibai tun safe ina koya musu harshen da take rubuto min wannan cin fuska da shi? Hannuna yana rawa na tambaye ta: kuɗin fa, ina suka je? Littafi ban karɓa ba, kiredi ba ya nan, kuɗi ba su dawo ba. Me na saya? Ta ce in na sake yin rajista za su iya duba yiwuwar ba ni kiredi ɗaya "don kyautatawa". An ɗauke min bakwai, za a miƙo ɗaya, kuma sai na sake biya, kuma in yi godiya! Kafin in gama rubuta amsa ta rufe hirar, aka turo min taurari biyar in zaɓi yadda hidimar ta gamsar da ni.

Wanda ke da irin wannan abonma ya saurara, don kada abin da ya ci ni ya ci shi. Kiredi yana tsallakawa zuwa watan gaba, wannan gaskiya ne, kuma shi suke tallatawa. Abin da ba sa faɗa da ƙarfi shi ne kowane kiredi yana da ranar mutuwarsa, ana ƙirga ta daga ranar da aka ba ka shi. Na Janairun bara Janairun bana zai tafi, ko kana biya ba fashi. Mafi muni, kiredi a rataye yake da abonma: ranar da ta rufe, ko kai ka soke ko katinka ya gaza, duk abin da ka tara yana iya tafiya tare da ita. Littafin da ka riga ka saya da kiredi kuwa yana zama naka ko bayan ka fita. Saboda haka in ka ga kati zai ba ka matsala, ka kashe kiredinka tun a ranar, ka sayi littafin ko ba ka da megan saukarwa, zai jira ka a ma'ajiyarka. Wasu kamfanoni suna da dakatarwa ta ƴan watanni wadda ba a cire kuɗi kuma kiredi yana nan, amma sai ka nema tun abonma tana raye.

Kada kowa ya ce min dole ce ta sa. Libro.fm a Amurka kiredi ɗaya yake bayarwa a wata shi ma, kuma nasa ba ya mutuwa, ko ka soke abonma yana nan. Kindle Unlimited na littattafan karantawa tun farko aro ne, littafi 20 a lokaci guda, ka daina biya a rufe, ka san matsayinka. Wanda ya karɓi kuɗin littafi ya kira shi saye, sannan ya sa masa wa'adi, zaɓa ya yi ya ci kuɗin mutane, domin ya san mai fama da kati da rezo irina shi zai fara faɗawa.

To wa zan kai wa ƙara? Nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Ba ofishin da zan shiga a Zinder in ce kamfanin waje ya cinye min kuɗi ta waya a fahimci abin da nake faɗa, balle a rubuta takarda. Shekara da shekaru forfe yana mutuwa a wayoyinmu da megan da muka biya a ciki, hukuma tana kallo, har muka saba muka ɗauka haka duniya take. Tun da aka yanke mana kuran daga Najeriya a Agustan 2023 muka ga yadda komai namu yake a hannun wasu, kuma har yau mai son ilimi sai ya bi ta katin waje, kamfanin waje, sharuɗɗan waje. Gari mai jami'a, garin sarakuna da malamai, amma malamin makaranta bai da ɗakin karatu na gwamnati da zai samu sababbin littattafai, bai da manhajar gida da zai biya da kuɗin waya ya ji littafi da Hausa ko Faransanci. Mu ma da laifinmu: in ka yi kukan an cuce ka a kan littafi sai a ce wa ya aike ka, kamar neman sani almubazzaranci ne.

Masu mulki su kafa doka a fili: duk abin da ɗan Nijar ya riga ya biya, mega ne ko kiredi, ba a kashe shi don wata ya ƙare ko don kati ya gaza sau ɗaya. Su buɗe wurin da za mu kai ƙara, su sa wanda zai amsa. Ni dai jika 45 nake bin kamfanin nan, kuma ban yafe ba.