Ƙugiyar da ke kan ƙ ba ado ba ce: sharhi kan sunayenmu a rumbun bayanai

Wani abokina da ke kula da kwamfutocin wata makarantar sakandare ya turo min hoton jerin sunayen ɗalibai, yana tambaya ko na taɓa jin mutum mai suna "anjuma". Na duba hoton. Ɗanjuma ne ya koma anjuma, Ƙasimu ya koma asimu, Baƙo kuma ya zama Bao, kamar ba a Zariya aka raɗa masa suna ba. Wanda ya haɗa musu manhajar ya rantse ya tsaftace sunayen, har ya ce ya bi ƙa'idar daidaita rubutu ta Unicode, tsarin da ke bai wa kowane harafi lambarsa a kwamfuta. Gaskiya ya faɗa, ya bi. Maganin ne ba na wannan ciwon ba.

Ra'ayina a kan wannan ba ya da kwana. A adana suna yadda mai shi yake rubuta shi, da ƙugiyarsa da alhamzarsa. Abin da ake bukata don bincike da jerawa, a gina shi a gefe. Amma kafin a yarda da ni, ya kamata a ga inda gizo ke saƙar.

Daidaita rubutu a Unicode an ƙirƙire shi ne saboda matsala guda: harafi ɗaya da ake iya rubutawa ta hanya biyu. Ɗauki é da ke cikin Tillabéri, wanda duk ma'aikacin ofis a Nijar ke bugawa kullum. Ana iya adana shi a matsayin lamba ɗaya, U+00E9, ana kuma iya adana shi a matsayin e tsura sannan alamar sama, U+0301, ta biyo baya. Ido ba ya rabe su, amma kwamfuta tana ganin abu biyu ne daban. Tsarin NFC yana haɗe su su zama ɗaya, NFD kuma yana warware su. Daga nan ne wata dabara ta yaɗu a tsakanin masu haɗa manhaja: ka warware harafi, ka zubar da alamar, a bar ka da e. Dabarar tana aiki a Faransanci, tana aiki a kan ẹ da ọ da ṣ na Yarabanci, shi ya sa ake kwafe ta daga wannan manhaja zuwa waccan ido rufe. Ga abin da take yi mana:

```python
import unicodedata
s = unicodedata.normalize("NFKD", "Ƙasimu Ɗanjuma")
print(s.encode("ascii", "ignore").decode())
# asimu anjuma
```

Dalili shi ne, a Unicode, ƙ ba k ba ce da aka ɗora wa alama. Harafi ce mai zaman kanta, U+0199, kuma ba ta da warwara a ko wane tsari, ko NFD ko NFKD. Haka ɓ take a U+0253, ɗ a U+0257, ƴ a U+01B4. Tunda babu abin da za a ɓamɓare a kanta, layi na gaba, wanda ke zubar da duk abin da ba ya cikin haruffan Turanci, sai ya zubar da ita gaba ɗayanta. Ba gargaɗi, ba saƙon kuskure. Sunan kawai ya ragu da harafi.

Na sha jin ana cewa Unicode ta cuce mu a nan. Ban yarda ba. Duk wanda ya yi aji ɗaya na Hausa ya san baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban, kuma wanda aka ce ya bari ba a ce ya yi ɓari ba. Sauti ne daban, harafi ne daban, kuma haka aka rubuta su. Abin dariyar shi ne, tsofaffin littattafan da suke sa ɗigo a ƙarƙashi, ḅ da ḍ da ḳ, su ne za su tsira daga waccan dabara, domin ɗigon yana warwaruwa. To amma ba za mu koma rubutun kakanni don mu faranta wa layi biyu na manhaja ba.

Akwai wata lalacewar da ake ɗora wa daidaita rubutu alhali ba ruwansa, kuma gane ta ba wuya. Idan ka ga Baƙo ya zama BaÆ™o, an adana sunan daidai a UTF-8, inda ƙ take da bayit biyu, C6 da 99, sai aka karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, kowane bayit ya fito a matsayin harafi. Wannan yana gyaruwa, domin bayanin yana nan, karatun ne ya karkace. Idan kuwa Ba?o ka gani, mai yiwuwa an zuba sunan a gurbin da aka saita a latin1, wanda ba shi da ƙ, ya maye ta da alamar tambaya. Wannan ya tafi ke nan, sai dai a nemi mai sunan.

Yanzu ga hujjar masu cewa a sauke ƙugiyar tun daga bakin ƙofa, kuma hujja ce mai nauyi. Suna cewa yawancin mutane ba sa buga ƙugiya a waya. Ma'aikacin da ke neman fayil zai rubuta Danjuma ne, idan kuma rumbun Ɗanjuma ya sani, zai ce babu wannan mutum, a buɗe masa sabon fayil, mutum ɗaya ya zama biyu. Suna kuma nuna layukan nan biyu na ƙasan fasfo waɗanda na'ura ke karantawa: ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ba ta yarda da komai a wurin ba sai A zuwa Z, lambobi da alamar <. Duk wannan gaskiya ne. Har ma zan ƙara musu: saitin manhajar rumbun bayanai ta MySQL mai suna utf8mb4_0900_ai_ci, wanda ke ɗaukar é da e abu ɗaya, ba ya ɗaukar ƙ da k abu ɗaya, saboda dalilin da na ambata. Wanda ya dogara da shi zai sha mamaki.

Inda na rabu da su shi ne, hanyar ɗaya ce, ba ta da komowa. Daga Ɗanjuma, kwamfuta za ta fitar maka da Danjuma a ƙiftawar ido duk lokacin da fasfo ko banki ya bukata. Daga Danjuma kuwa ba za ta iya mayar da ƙugiya ba, domin ba ta san wace d ce ta Dauda, wace ce ta Ɗahiru ba. Wanda ya sauke ƙugiya wajen adanawa ya zubar da abin da ba zai sake kwasowa ba, don ya magance matsalar da gurbi ɗaya na ƙari zai magance. A bar suna a gurbinsa cikin NFC, a buɗe gurbi na biyu da babu mai ganinsa, a zuba mabuɗin bincike:

```python
T = str.maketrans("ɓɗƙƴ", "bdky", "'‘’ʼ")
def mabudi(suna):
    s = unicodedata.normalize("NFD", suna.casefold())
    s = "".join(c for c in s if not unicodedata.combining(c))
    return s.translate(T)
```

A nan NFD tana yin aikin da ta iya, wato cire alamun sunaye irin su Aïchatou, mu kuma muna faɗa wa manhajar da bakinmu cewa ƙ ta zama k. Abin da mai bincike ya buga shi ma a bi da shi ta wannan hanyar kafin a kwatanta. Sharaɗi ɗaya ne: mabuɗin na nema ne, ba na tantancewa ba. Kada a ce duk biyun da mabuɗinsu ya zo ɗaya mutum ɗaya ne, a haɗe fayilolinsu. A nuna su duka, wanda ya yi daidai harafi da harafi a sama, ɗan Adam ya zaɓa.

Mai karatu zai lura na sa alamomi huɗu masu kama da juna a ƙarshen layin farko. Wannan ita ce rigimar da ta fi ta ƙugiya cin rai, don ita ko gani ba a yi. Alhamzar da ke cikin Sa'adatu, Rabi'u, Asma'u da Mas'udu tana iya zama miƙaƙƙiyar nan ta allon rubutu, U+0027, ko lanƙwasasshiyar da waya da Word ke musanyawa da kansu, U+2019, ko kuma U+02BC, wadda Unicode ta ɗauka a matsayin harafi. Babu tsarin daidaitawa ko ɗaya da ke mayar da su abu guda, har NFKC. Sunan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya isa jarrabawa ga kowace manhaja. Ka buga shi a Word, alhamzar farko za ta juya baya ta zama U+2018, don ta zaci zance za ka buɗe. Ka fara ɗaki da 'Yar'aduwa a Excel, ta farkon za ta ɓace daga ɗakin, don a can alama ce ta cewa abin da ke biye rubutu ne. Ka tsallaka Maraɗi, inda ake rubuta ƴ a wurin da Najeriya ke rubuta 'y, ka sami siffa ta dabam. Mabuɗin da ke sama duk zai mayar da su yaraduwa. A gurbin adanawa kuwa, kowace hukuma ta zaɓi alhamza ɗaya ta tsaya a kanta. Ni U+02BC na fi so, tunda a Hausa harafi ce, amma zaɓen ɗaya ya fi muhimmanci a kan wacce aka zaɓa.

Saura jerawa. Idan aka bar kwamfuta ta jera da lambobin haruffa, Ɗ da Ƙ suna bayan Z, don haka Ɗanjuma da Ƙasimu za su tare a ƙarshen takarda, ƙarƙashin Zainab, malami ya duba wajen D ya ce ba a yi musu rajista ba. Wannan an riga an warware shi. Kundin CLDR na Unicode, mai tattara ƙa'idojin harsuna, yana da ƙa'idar jerin Hausa, kuma layi ɗaya ya isa a kira ta:

```js
sunaye.sort(new Intl.Collator("ha").compare)
```

Da ita Ɗanjuma zai biyo bayan Dauda, Ƙasimu ya biyo bayan Kabiru. Sai dai a sani, ƙa'idar tana ɗaukar sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, don haka Shehu zai zo bayan Sule, ba tsakanin Sani da Sule ba. A wurin malamin Hausa wannan daidai ne. A wurin akawun da ya saba da jerin Turanci kuwa, zai ɗauka manhajar ta rikice, kuma gara a gaya masa tun ranar farko.

Makarantar abokina ta gyara manhajarta cikin yini guda. Sunayen da aka riga aka gutsure ne suka ci lokaci, domin an zubar da asalin fayil ɗin bayan "tsaftacewar". Wasu, irin su anjuma, ana iya cankarsu. Sauran sai da aka ɗauko tsohuwar rajistar takarda, malaman aji suka zauna da biro suna bin yara ɗaya bayan ɗaya, ana tambayar kowa yadda ake rubuta sunan mahaifinsa.