Turmi nawa za ka sayar kafin shago ya biya kansa?

Ina jin ƴan kasuwarmu na Maradi suna yawan kuka da kuɗin haya, kamar shi ne ke kashe shaguna. Ni dai a ganina ba haya ce ta fi cin ƙaramin shago ba. Abin da ya fi cinsa shi ne mai shagon bai san adadin cinikin da zai yi a wata ba kafin ya kai inda ba riba ba faɗuwa. Tambayi mutum goma a babbar kasuwa, mafi yawa za su ce maka "Alhamdulillahi, ana ciniki." To, ciniki daban, riba daban, kuma lissafin da ke raba su bai fi ƙarfin bayan kwalin sukari da biro ba.

Bari mu ɗauki mai shagon atamfa. Alƙaluman misali ne kawai da na ƙaddara, kowa ya sa nasa. Kuma a yi lissafin da sefa zalla daga farko har ƙarshe, kada a rubuta wani layi da dala, wani da jika, wani da naira, don nan ake fara rikicewa.

Kuɗin da ke fita iri biyu ne. Akwai wanda ko ka buɗe shago ko ka rufe ka tafi biki Tibiri, yana nan yana jiranka ƙarshen wata. Haya 25,000, albashin yaron shago 20,000, kuɗin wuta 7,000, mai gadi 3,000. Sai fatanti da sauran harajin da ake biya a shekara: in sun kai 60,000, ka raba gida 12, wata ya ɗauki 5,000. Haka ma haya, in ta wata shida ka biya a dunƙule, raba ta za ka yi, kada ka ce watan nan babu haya tunda ba a zo karɓa ba. Jimilla 60,000 ke nan kowane wata.

Ɗayan kuma shi ne kuɗin da ke bin kowane turmi. In ba ka sayar ba bai tafi ba, yana jingine a kan kanta. Ka saro turmi 6,000. Kuɗin mota, da dako, da abin da aka kashe a hanya, in an raba kan dilar gaba ɗaya, turmi ya ɗauki 250. Leda da ɗan abin da ba a rasa ba, 50. Ashe turmin nan 6,300 ya tsaya maka, ba 6,000 ba.

Yanzu nawa kake sayarwa? A nan nake so a tsaya, don a nan mutane ke yaudarar kansu. Kana cewa 8,000, amma wace hajiya ce ta taɓa shiga shagon atamfa ta biya kuɗin da aka fara faɗa mata? Za ta taya, ka ce albarka, ta juya kamar za ta fita, ka ce "Dawo Hajiya, kawo kuɗi." Abin da ke shiga aljihu shi ne farashinka. Ka duba sayarwa ashirin ta ƙarshe ka ga tsaka-tsakinta. A ce 7,500 ne. Cire 6,300, saura 1,200. Wannan 1,200 ba riba ba ce tukuna. Gudummawar da kowane turmi ke bai wa haya da yaro da wuta ce, har sai an cika 60,000 ɗin nan.

Sai ka raba 60,000 da 1,200. Ya ba ka turmi 50. Gwada ka gani: turmi 50 a kan 7,500 sun kawo 375,000, kayan sun ci 315,000, saura 60,000 daidai, ko dala ba ta yi saura ba. Daga turmi na 51 ne kuɗi ke fara zama naka. In kana buɗewa kwana 26 a wata, turmi biyu ke nan a rana. Da ka yi lissafin da 8,000 ɗin da kake faɗa da baki, da ka samu 36, ka yi ta murna a turmi na 40 alhali da sauran 12,000 a kanka.

Ga dalilin da ya sa na ce an ɗora wa haya laifin da ya fi nata. A ce mai haya ya ƙara maka 6,000 a wata. Zafi kam akwai, amma 6,000 a raba da 1,200 turmi biyar ne, adadinka ya tashi daga 50 zuwa 55. To a ce kuma turmi ya ƙara 400 kacal wajen sari, ko don canji ya motsa tsakanin naira da sefa, ko don kuɗin mota daga Kano ta Jibiya da Dan Isa ya hau. Wanda ya yi kasuwa a garin nan lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, ko rufewar 2023, ya san yadda hanya kaɗai ke sauya kuɗin kaya. In ba ka ƙara farashi ba don tsoron maƙwabci ya ɗauke maka masu saye, 1,200 ta koma 800, kuma 60,000 a raba da 800 turmi 75 ne. Turmi 25 aka ƙara maka, kuma babu wanda ya zo ya yi maka sallama ya sanar da kai kamar yadda mai haya ke yi. Alamarsa ita ce shago cike da mutane, kuɗi na shiga, amma duk ranar komawa sari sai ka ga abin da ke hannunka ba ya sayen dilar da ya saya wancan karon.

Bashi ma haka yake aiki. Turmin da aka ɗauka "sai ƙarshen wata" kada ka ƙirga shi cikin 50 sai kuɗinsa ya shigo. In kuwa ya bi ruwa, 6,300 ka rasa, wato sai ka sayar da turmi shida kafin ka cike gurbinsa.

Akwai masu ce mini, "Ai ni ba ni da yaro, ni nake zama." To kai iska kake ci? Kuɗin cefane da kake zara daga akwati kowace safiya daga ina yake fitowa? Ra'ayina shi ne a fitar da adadi biyu. Na farko 50 ɗin nan, wanda ke hana shago cin uwar kuɗi. Na biyu wanda ka sa wa kanka albashi a ciki: in gidanka na bukatar 60,000 a wata, nauyin ya zama 120,000, adadin ya zama turmi 100, kusan huɗu a rana. Mai sayar da 70 shagonsa na tsaye, amma in yana ɗaukar 60,000 zuwa gida, jarinsa na raguwa da 36,000 kowane wata.

Lissafin yana da iyaka. Ya ɗauka kayanka iri ɗaya ne, alhali kana da leshi da shadda masu bar maka fiye da atamfa. A nan sai ka tara abin da sayarwar watan jiya duka ta bari bayan cire kuɗin kaya, ka raba da yawan sayarwar, ka yi aiki da wannan, kuma ka sake duk lokacin da masu saye suka karkata ga mai araha. Sannan watanni ba ɗaya ba ne. Gab da sallah da bayan kaka, lokacin da mutanen ƙauye suka sayar da gyaɗa da wake aka shiga bukukuwan aure, za ka iya wuce 100. Tsakiyar damina kuwa, kuɗi na gona, ko 30 sai da kyar. Watan da ka tsaya a 30, giɓinka turmi 20 ne, wato 24,000, kuma daga rarar watan sallah ya kamata a ware su tun kafin a taɓa ta.