Naira dubu takwas na saya wa kaina takardar banza

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Shekara uku ina ba wani ɗan kamasho kuɗi yana sabunta mini takardun mota a nan Katsina, har da inshora. Bana ya ce, "Alhaji, kawo dubu takwas, ni ina da hanya." Na miƙa har ina godiya.

Makon jiya na daki bayan motar wani bawan Allah a shataletalen Kofar Ƙaura. Laifina ne, ban musa ba. Bakanike ya yi lissafin bamba da fitilu da fenti, naira dubu ɗari uku da ashirin. Na zaro takardar inshorata da ƙarfin gwiwa, na kira lambar da ke jiki, a kashe. Ɗan mai motar, yaro ƙarami, ya ce, "Baba, kawo mu duba." Ya danna wannan a wayarsa:

```
*565*11#
```

Ya bi umarnin, ya sa lambar motata. Babu ni, babu alamata. Muka shiga askniid.org, rumbun da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke ajiye bayanan motocin da aka yi wa inshora, nan ma wayam. Da muka samo lambar kamfanin daga shafinsu na ainihi, ma'aikaciyar ta ce lambar da ke kan takardata ba tasu ba ce. Takarda ga hatimi ga tambari, ashe a shagon kwamfuta aka buga ta!

Abin da ya fi ƙona mini rai, farashin kaɗai ya isa ya farkar da ni. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta mai da kuɗin inshorar nan ta biyan ɓarnar da ka yi wa wani naira dubu goma sha biyar ga motar gida, ita kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har miliyan uku. To wa zai sayar maka da ita dubu takwas, ya ci riba a ina? Da ta gaske ce, gyaran mutumin nan kamfani zai biya. Tawa motar dai dama ba ta ciki, wannan na sani.

Kuma kada ka ga sunan motarka ya fito ka ce shi ke nan. Gwada abin da ke allo da abin da ke takarda: sunan kamfani, ƙirar mota, ranar ƙarewa. In sabuwa ce ba ta hau ba tukuna, kira kamfanin ka karanta musu lambar takardar da ta shasi, amma ban da lambar wayar da ke jikin takardar, don maƙeran jabu tasu suke sawa. Kuɗi kuma a asusun kamfani, da rasit. Ni asusun wa na tura? Na ɗan kamasho, da sunansa ɓaro-ɓaro.

Na sayar da raguna biyu, na ciwo bashin sauran. Shi kuwa gogan, jiya na je inda yake zama, aka ce ya tafi Daura biki, wai sai wani satin.